Yadda ake saita bindigar auna zafi don kada ta ba ka lambar ƙarya

Tun lokacin korona a 2020 mutane suka saba da na'urar nan mai kama da bindiga da ake nuna wa goshi a ƙofar banki da asibiti. Tana da 'yar'uwa ta masu aikin hannu, wadda masu wayarin, masu haɗa sola, makanikai da masu gidan burodi ke riƙewa. Ka danna, jan ɗigo ya fito, lamba ta bayyana nan take. Wannan saurin ne ke sa mutum ya yarda da ita fiye da kima, alhali kan batir da ya kai digiri 80 yana iya nuna maka 41, kuma na'urar lafiyarta ƙalau. Abu biyu ne ke jawo haka: irin fuskar abin da ka auna, da nisan da ka tsaya. A kansu wannan jagora zai tsaya, da misalin mai duba kan batir na inbata, sannan gwajin da za ka yi a gida da ƙanƙara da tukunya. Duk digirin da zan ambata na °C ne.

Abin da idon na'urar yake gani

Na'urar ba ta taɓa komai, kuma jan ɗigon nan na lesa ba ya auna komai, nuni kawai yake yi. Mai aikin shi ne idon da ke cikin babban ramin gaba. Kowane abu yana fitar da wani haske na zafi da idon mutum ba ya gani, kuma gwargwadon zafinsa gwargwadon yawan hasken. Idon na'urar yana tara wannan haske, ta yi lissafi, ta ba ka lamba. Ke nan fuskar abu kaɗai take karantawa. Ba ta ganin cikin nama ko cikin batir, ba ta kuma ratsa gilashi: in ka auna ta bayan gilashin taga, zafin gilashin za ka samu.

Matsalar ita ce ba kowace fuska ke fitar da hasken daidai da zafinta ba. Ana auna wannan hali da lamba daga 0 zuwa 1, ana kiransa emisibiti, a allon na'ura kuma za ka ga EMS ko alamar ε. Ruwa, fatar mutum, roba, katako, siminti, da yawancin abin da aka yi wa fenti, suna tsakanin 0.90 da 0.98. Shi ya sa yawancin na'urori ke zuwa a kan 0.95, wasu masu arha ma ba a iya canza musu ita. Ƙarfe mai sheƙi kuwa yana can ƙasa: jan ƙarfe da alminiyam da aka goge suna ƙasa da 0.1. In jan ƙarfen ya daɗe ya yi baƙi, lambar tana hawa zuwa 0.6 ko fiye.

Ga inda mutane da yawa ba sa lura. Abin da fuska ba ta fitar ba, tana maye gurbinsa da abin da ta dawo da shi daga kewaye, domin ƙarfe mai sheƙi madubi ne ga wannan haske. In emisibitinsa 0.1 ne, kashi 10 cikin 100 na abin da na'urar ta gani ne kawai nasa. Sauran kashi 90 na bango ne, na rufin ɗaki, har da jikinka da ke tsaye a gabansa.

Misalin kan batir

A ce inbata ce mai kilowat 5 a kan batir mai bolt 48. In an ɗora mata cikakken lodi, wutar da ke bi ta kebul ɗin batir tana kai amfiya 100 ko ta ɗan wuce. In notin da ya ɗaure bakin kebul ya yi sako-sako, ko tsatsa ta shiga tsakani, turjiyar da ba ta wuce 0.002 om ba ta isa ta haifar da zafi na wat 20 a wuri ɗan mitsitsi. Haka ne robar kebul ke fara taushi, ta yi wari, wata rana ta kama.

Yanzu bakin kebul ɗin ya kai digiri 80, ɗakin yana 35, ƙarfen sabo ne yana sheƙi, emisibitinsa kusan 0.1, na'urar kuma tana kan 0.95. Lambar da za ta fito ba za ta wuce 41 ba, ko kusa da haka. Mai aiki ya ga 41 a ɗakin da ke 35, ya ce lafiya lau, ya rufe akwati ya tafi. Na'urar ba ta yi kuskuren lissafi ba, an gaya mata fuskar roba take kallo, ita kuwa madubi aka nuna mata.

Abin da zai fara zuwa ran mutum shi ne ya sauke EMS zuwa 0.10 ya sake aunawa. A takarda daidai ne, a wurin aiki ban ba da wannan shawara ba. Idan ka gaya wa na'ura kashi 10 ne kaɗai na ƙarfen, duk ɗan kuskure sai ta ninka shi. Bambancin digiri 5 a zafin abin da ƙarfen ke dawowa da shi yana iya karkatar da lambar da kusan digiri 30. Ka matsa gefe kaɗan, lamba ta yi tsalle. Ga shi kuma ba ka san ko 0.05 ne ko 0.15 ba, domin yatsa mai maiƙo ma yana canza shi. Duk abin da ya yi ƙasa da 0.6, gara ka canza fuskar da ka canza saitin.

Canza fuskar ba wuya. Baƙin salatif na masu wayarin, na roba marar sheƙi, emisibitinsa yana kusa da 0.95, daidai da saitin da na'ura ta zo da shi. Ka kashe inbata, ka cire haɗin batir ta bireka ko fis, ka tuna cewa batir kansa ba ya mutuwa don an kashe inbata, saboda haka ka cire zobe da agogon ƙarfe kafin ka kai hannu. Ka goge ƙura da maiƙo, ka manna salatif shimfiɗa ɗaya a kan ƙarfen, ka danne shi sosai kada iska ta rage a ƙarƙashi. Iskar da ta maƙale tana hana zafi ratsowa, haka ma ninki uku ko huɗu. Sai ka mayar da wuta, ka ɗora lodi na gaske, ka bar shi aƙalla minti 20 zuwa 30 ya yi zafinsa, sannan ka auna kan salatif ɗin da EMS a 0.95. Ka bar salatif ɗin a wurin, duk lokacin da ka dawo duba aikin a nan za ka auna.

Salatif yana da iyaka. Yawancinsa an yi shi ne don zafin da bai wuce digiri 80 zuwa 105 ba. Ga salansar janareta ko bangon tanda, sai baƙin fenti marar sheƙi mai jure zafi. Launin ba shi ne sirrin ba: farin fenti ma yana kusa da 0.9 a wannan haske, sheƙin ƙarfe tsirara ne abin gudu.

In kana son sanin emisibitin wata fuska da za ka riƙa aunawa kullum, misali tsohon ƙarfe mai tsatsa, ga hanya. Ka manna salatif a gefe ɗaya, ka bari abin ya yi zafi sosai fiye da ɗakin, ko da digiri 30 ne a sama. Ka auna salatif a 0.95 ka rubuta. Ka koma kan fuskar tsirara dab da shi, ka riƙa sauke EMS har lambar ta yi daidai da wadda ka rubuta. Inda ka tsaya shi ne emisibitin fuskar. In abin yana daidai da zafin ɗaki gwajin ba zai nuna komai ba, domin abin da yake fitarwa da abin da yake dawowa da shi duk ɗaya ne. Kuma da ka gama ka mayar da saitin 0.95. Barin EMS a 0.70 sannan a auna roba gobe yana sa lamba ta haura, a je ana kwance abin da ba shi da laifi.

Nisa da faɗin da'ira

A jikin na'urar ko a takardarta za ka ga an rubuta D:S sannan lamba irin 8:1, 12:1, 30:1 ko 50:1. Na'urar tana kallo ne yadda tocila ke haska bango: kusa da'irar ƙarama ce, in ka ja baya ta buɗe. Lambar tana gaya maka yadda take buɗewa. Ka raba nisanka da lambar farko, ka sami faɗin da'irar. D shi ne nisa, S faɗin da'ira, ga lissafin na'ura mai 12:1:

```
S = D / 12
```

Da na'ura mai 12:1, a nisan santimita 30 da'irar tana da faɗin 2.5. A santimita 60 ta zama 5. A mita 1.2 ta kai santimita 10, faɗin tafin hannu. Jan ɗigon kuwa yana nan ɗan ƙarami a kowane nisa, shi ke yaudarar ido ya ɗauka wannan ɗigon ake aunawa. Duk abin da ya shiga da'irar, na'urar tana gauraya shi ta ba ka lamba ɗaya.

Mu koma kan batir. Ka yi abin da ya dace, ka manna salatif, wurin da ya rufe faɗinsa kusan santimita 2, zafinsa 80. Amma ka tsaya a santimita 60. Da'irarka 5 ce, kuma da yake fili ake lissafawa ba faɗi ba, wurin zafin bai cika fiye da kashi 16 cikin 100 na abin da na'urar ke gani ba. Sauran murfin batir ne da bango masu digiri 35. Lambar da za ta fito kusan 44. In ka tsaya a mita 1.2, kashi 4 kawai ya rage, za ka ga 37. Wato gyaran emisibiti bai amfane ka da komai ba muddin nisan bai yi ba.

Ƙa'idar da masu aikin ke bi ita ce abin da ake aunawa ya ninka da'irar sau biyu. Dalili shi ne gefen da'irar ba a yanke yake tsaf ba. Masu ƙera na'urar galibi suna nufin kusan kashi 90 na hasken ne ke fitowa daga cikinta, sauran yana shigowa daga waje. Don haka wuri mai santimita 2 yana son da'ira mai santimita 1, wato nisan santimita 12 a lissafi.

Sai dai a nan lissafin yana cin karo da abu biyu. Na farko, da'irar ba ta ƙanƙancewa har abada. Kowace na'ura tana da mafi ƙanƙantar da'irar da za ta iya, kuma a masu arha da yawa ba ta sauka ƙasa da santimita 2 ko kusa da haka, komai kusancinka. Ka duba zanen da ke jikinta, yana nuna faɗin a nisa biyu ko uku. Na biyu, lesa tana sama da idon da santimita ɗaya ko biyu. Daga nesa wannan ba komai ba ne, amma a santimita 12 jan ɗigon yana kan noti, idon kuma yana kallon ƙasansa. Maganinsa ka manta da ɗigon, ka riƙe maɓallin a danne, ka zagaya wurin a hankali, ka ɗauki lamba mafi girma. In na'urarka tana da MAX, aikinsa ke nan.

In wurin ya yi ƙanƙanta fiye da abin da na'urar za ta iya, ka faɗaɗa shi: salatif biyu a jere a kan faffaɗan ƙarfen, ko ka auna robar kebul dab da bakin, wadda dama emisibitinta ya yi daidai, ko da yake za ta ɗan yi ƙasa da zafin haɗin kansa. In hakan bai yiwu ba, ka koma wayar auna zafi da ke zuwa da wasu mitoci, ka manna ta. A allon wutar gida mai bolt 230 ko 400 da ke kunne kuwa, kada neman ƙaramar da'ira ya kai hannunka inda bai kamata ba. Wanda aikinsa ke nan kullum ya nemi na'ura mai 30:1, wadda ke ba da santimita 2 daga nisan 60.

Lambar da ka samu, ka kwatanta ta da ta ɗan'uwanta. Kan batir na ja da na baƙi wuta ɗaya ce ke ratsa su. In ɗaya yana 42 ɗaya yana 78, ba sai an yi gardama a kan digiri biyu ko uku ba, na biyun yana da matsala. Bambancin da ya wuce digiri 15 tsakanin haɗi biyu iri ɗaya masu lodi ɗaya, a kashe a gyara a ranar.

Gwajin ƙanƙara

Kafin ka dogara da na'ura, sabuwa ce ko ta faɗi ƙasa, ka auna abin da ka riga ka san zafinsa. Ƙanƙara da ke narkewa cikin ruwa mai tsabta tana digiri 0, a Kano take ko a Agadas, kuma ruwa yana da emisibiti mai kyau.

Ka fara da barin na'urar a ɗakin da za ka yi gwajin na minti 30. Tana kwatanta abin da ta gani ne da zafin jikinta, saboda haka in ka ɗauko ta daga motar da ta sha rana ka shiga ɗaki mai sanyi, za ta yi ta ba ka lambobi masu yawo har ta daidaita. Ka leƙa idon: ƙurar hunturu tana kwanciya a kansa ta rage hasken da ke shiga. Ka hure ta, ka share da auduga mai laushi, kada ka kankare. Ka tabbatar batirinta bai yi sanyi ba, EMS na kan 0.95, allon kuma yana nuna °C. In ka ga 32 a kan ƙanƙara, a °F take.

Ka sami kofi mai faffaɗan baki, santimita 8 ko fiye. Ka daddaka ƙanƙarar fiya wata ƙanana, ka cika shi har baki, ka zuba ruwan sanyi har ya kusa rufe ta. Ruwan dole ne: ƙanƙarar da ta fito daga firiza kai tsaye tana iya zama digiri 18 ƙasa da sifili, sai ta jiƙa ta fara narkewa take tsayawa a 0. Haka kuma in ruwa ya yi yawa har ƙanƙarar tana yawo a sama jefi-jefi, ruwan zai haura 0. Ka motsa minti biyu zuwa uku. Ka danna tsakiya da cokali ruwa ya ɗan taru, ka motsa sau ɗaya, ka riƙe na'urar a tsaye daga sama, nisan santimita 10, ka auna nan take. In ka jira, saman ruwan yana ɗumama da iskar ɗaki. Ka maimaita sau uku kana motsawa a tsakani.

Yawancin na'urorin aikin hannu an rubuta musu kuskuren digiri 1.5 zuwa 2 sama ko ƙasa. Saboda haka in ta nuna tsakanin -2 da 2, tana cikin alkawarinta. In ta nuna 6 ko 7, ka fara zargin kanka kafin na'urar: wataƙila bakin kofin ya shiga da'irar, ko ruwan ya yi yawa. In ka gyara duk wannan lambar ba ta sauko ba, to ita ce.

Tukunya ɗaya, gwaji uku

Sifili kaɗai bai isa ba, tunda aikinka a digiri 60 zuwa 100 yake. Kada ka nuna na'urar cikin ruwa mai tafasa, tururi yana tare hasken, yana kuma jiƙa idon. Ka ɗauki tukunyar silba marar kauri mai sheƙi, ka manna salatif uku a jere a gefenta ta waje, ya zama murabba'i mai kusan santimita 5, a tsakiyar tsayinta nesa da harshen wuta. Ka cika ruwa ya wuce saman salatif ɗin sosai, ka rufe, ka tafasa a wuta matsakaiciya. Da ya tafasa ka kashe wutar, domin iskar zafi da ke hawa gefen tukunya tana ɓata awo, sannan ka auna salatif daga santimita 15 ba tare da jinkiri ba.

Kada ka jira ganin 100. Ruwa yana tafasa a 100 ne a bakin teku, kuma yana raguwa da kusan digiri ɗaya a kowane hawan mita 300. A Kano da Damagaram kusan 98 ne, a Jos kusan 96. Bayan tukunya kuma yana ɗan ƙasa da ruwan da digiri ɗaya ko biyu. A Kano, in ka ga 95 zuwa 99, na'urar tana aiki.

Yanzu ka matsar da ita kan silbar tsirara dab da salatif. Lambar za ta faɗo zuwa 40 da wani abu ko 50 da wani abu, a kan tukunyar da ba ka iya taɓawa da hannu. Duk mai koyon aiki ya kamata a nuna masa wannan da idonsa, ya fi dogon bayani shiga kai.

Na uku, ka koma kan salatif ka riƙa ja da baya a hankali, wani ya riƙe maka abin awo. Da 12:1, lambar ya kamata ta tsaya har kusan santimita 30, ta fara zamewa kaɗan, ta faɗi sosai bayan 60 inda da'irar ta fi murabba'in girma. In ta fara faɗuwa tun a santimita 15 ko 20, abin da aka rubuta a jikinta ya fi ƙarfinta. Ka rubuta nisan da ta fara sauka a takarda ka manna a hannunta, da shi za ka riƙa aiki. Ka yi wannan da sauri, ruwan yana hucewa, in ya cancanta ka sake tafasawa.

Abu biyu da suka rage a wurin aiki. Ka riƙe na'urar tana fuskantar abin kai tsaye, domin in ka karkata sosai da'irar tana miƙewa, fuskar kuma tana ƙara zama madubi. A waje kuma ka kula da sama: sararin sama marar gajimare, musamman a busasshen lokaci, na'urar tana karanta shi ƙasa da sifili. Sabon kwanon rufi mai sheƙi da ke ƙona hannu yana iya nuna lamba ƙasa da zafin iska, saboda sama yake dawowa da ita. Gilashin farantin sola ma yana yin haka kaɗan, shi ya sa in kana son zafin faranti ka zagaya ka auna farar robar bayansa, a 0.95, daga santimita 20 zuwa 30.